Ajiyar Babban Direba a Wurin Alhaji

A shekarun farko na samun 'yancin kai, duk wanda ya iya jera lambobi a takarda bai zubar da tawada ba, Mushe ake ce masa, kiran girmamawa irin na Faransawa. Ni ma haka aka kira ni a Gaya, ina da wandon kaki biyu da alƙalami mai tsotson tawada, ina jin kaina kamar ni na karɓo ƙasar daga hannun Faransawa. Aikina kwantabul ne, wato mai riƙe da lissafi, a wani gidan sufuri da ke kusa da hanyar gada. Kaya na zuwa daga teku a jirgin ƙasa har Faraku ta Dahome, motocinmu su kwaso su ta Malanbil, su haye kogi, su tsaya a duwan, wato kwastan, sannan su miƙe Dosso da Yamai. Siminti, gishiri, kwanon rufi, atamfa. In za su koma kudu kuma su ɗauki gyaɗa.

Gidan na wani Bafaranshe ne a da. Da ya ga tuta ta sauya sai ya sayar wa wani Alhaji ɗan kasuwar goro ya kama hanya. Alhaji ya sayi motoci da gareji da sito, ya kuma sayi mutanen da ke ciki da shekarunsu. Wannan na ƙarshen shi ne bai taɓa son a tuna masa ba. A takardar ciniki an rubuta cewa ma'aikata za su ci gaba da shekarun aikinsu kamar ba a sauya mai gida ba, saboda haka aka lissafa kuɗin sallamar da kowannensu ya riga ya tara a hannun Bature, aka rage wa Alhaji su daga farashi. Wato tun ranar farko an biya shi haƙƙin mutanen nan, ya riƙe musu. Ragin ya karɓa da hannu biyu. Dalilin ragin kuwa, kullum sai ya ce kansa ba ya riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Cikin mutanen da ya gada akwai babban direbanmu, mutumin Yelu, wanda kowa ke kira Baba. Tun ana haye kogi da kwalekwalen ƙarfe, kafin a gina gada, yake tuƙa wa gidan. Dogo ne, mai tsabta har ta yi yawa, ba ya shiga mota sai ya wanke ƙafa. Yana da wata irin taƙama ta tsofaffin direbobi, wadda in ya ce maka ga inda rami yake tsakanin Gaya da Dosso, in ka je ba ka tarar da ramin ba to hanyar ce ta yi kuskure. Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma babu wanda ya taɓa ƙona mini rai kamarsa.

Rigimata da Alhaji ta fara ne a ƙarshen shekarata ta farko, da na kai masa bilan, takardar da ke nuna abin da gida ya mallaka da abin da ake binsa. Banki a Yamai ne ya ba shi bashin sababbin motoci, kuma bankin ba ya yarda da rantsuwa, takarda yake so kowace shekara. Alhaji ba ya karanta boko, amma yana da yatsa mai gane inda riba ta rame. Ya ɗora shi daidai kan layin kuɗin sallamar ma'aikata, ya tambaye ni wane ne wannan da ke bin mu bashi bai sani ba.

Na yi masa bayani yadda aka koya mini. Yarjejeniyar da gidajen kasuwanci ke aiki da ita ta ce ma'aikacin da ya daɗe yana da kuɗin sallama ranar da gida ya rabu da shi: wani kaso na albashin wata a kan kowace shekara da ya yi, kason yana ƙaruwa in shekaru sun yi yawa, kuma da albashinsa na ƙarshe-ƙarshe ake aunawa. Kuɗin ba ranar tafiya ake cin bashinsu ba. Kowace shekara da mutum ya yi maka aiki, ya ƙara ɗora maka wani abu a wuya, don haka shekarar da ta ci guminsa ita ya kamata ta ɗauki nauyin. Sai mu cire wannan ƙarin daga ribar bana, mu rubuta shi a ɓangaren bashi, don kada ranar da tsofaffi uku suka tashi lokaci guda gida ya durƙushe.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba ya yi wa kowa, sannan ya ce:

"Mushe, mutum shina zaune gidanka lafiya lau, shina cin tuwonka, kai ko kana auna mai likkafani? Wagga ba ɗabi'ar Musulmi ba ce. Mutanena ba su tahiya."

Na ce kowa yana tafiya, Alhaji, ko da ƙafarsa ko a kafaɗar mutane. Bai ji daɗin wannan ba. Ya ce to in buɗe akwatin ƙarfe in nuna masa kuɗin da na ware. Na ce babu wani ƙunshi da aka ɗaure da sunan kowa, kuɗin suna cikin motoci da siminti da tayoyi, abin da layin ke yi kawai shi ne hana a kira su riba a raba a cinye. Nan fuskarsa ta ɗan saki. Kuɗi suna hannunsa, yana juya su, kuma ƙanensa da ke da kaso a gidan ba zai ga ribar da zai nemi rabo a kai ba. Ya ce tunda banki na so, a bar wa banki bidi'arsa. Da haka layin ya zauna, kowace shekara ina ƙara masa, Alhaji yana tsaki yana dangwala hannu.

A shekara ta biyu ne ya nuna mini cewa ba bayanin ne bai gane ba. Direbobi sun nemi ƙarin albashi, ya amince a baki, na zo na nuna masa abin da zai biyo baya. Tunda da albashin ƙarshe ake auna sallama, in ka ƙara wa Baba ko kaɗan ne, ba shekarar bana kaɗai ta yi tsada ba, duk shekarunsa na baya har na zamanin Bature sai an sake auna su da sabon albashi. Layin nan zai yi tsalle. Na faɗa masa ne don kada ya ga tsallen ya ce na yi sata. Yana jan carbi, ya sa na maimaita, ya kuma sa na sake maimaitawa. Ban taɓa samun ɗalibi mai kaifin kai irin wannan ba, ko da na koyar a lakwal, wato makarantar boko, daga baya.

Daga ranar ba a sake ƙara wa wani tsoho albashi a gidan ba. Aka koma kyauta. Sallah ƙarama riga, Sallah babba rago, in an yi girbi buhun shinkafar fadama, in an yi haihuwa turmin atamfa. Duk daga aljihun Alhaji, a ƙofar gidansa, a gaban jama'a, babu wanda ya bi ta teburina balle ya shiga lissafin sallama. Gaya ta ɗauka da yabo. Maroƙa suka samu abin faɗa, har mutanen Kamba da ke zuwa cin kasuwa suna komawa da labarin attajirin da ke tufatar da barorinsa. Baba kuwa ya fi kowa murna. A ganinsa albashi na lebura ne, wanda ake ƙirga wa kwana. Shi ɗan gida ne, kuma ɗan gida riga ake ba shi. Da na ce masa rigar nan tana cin sallamarsa, sai ya shafa wuyanta ya tambaye ni ko na taɓa ganin aikin allura irin wannan.

Shi ma ya san da layin, domin ni na gaya masa, da shi da sauran. Ban ga dalilin ɓoye wa mutum haƙƙinsa ba. Sai dai yadda na faɗa daban, yadda ya ɗauka daban. Ni na ce bashi ne gida ke ɗauke da shi, mai sharuɗɗa. Shi ya ji cewa Alhaji, don ƙaunar da yake masa, yana yi masa ajiya a asirce kowace shekara. Ya je har gida ya yi godiya. Alhaji ya karɓi godiyar, ya ce ai ba komai, yi wa kai ne.

Sharuɗɗan nan su ne duk labarin, don haka bari in faɗe su yadda suke a lokacin. Ƙofofin fita daga aiki huɗu ne. In gida ya sallame ka ba don ka yi babban laifi ba, a biya ka. In shekarunka sun kai na hutun tsufa, a biya ka. In ka mutu kana cikin aiki, a biya magadanka. In kuwa kai ne ka ce ka gaji ka tafi da ƙafarka, sai dai a yi maka addu'a. Ƙofar tsufa a rufe take ga Baba, domin lokacin da ya nemi takardar haihuwa don ya samu lasin tuƙi, shi da shaidunsa biyu sun zabge shekaru masu yawa a gaban kumandan, Baturen mulki, don a ɗauke shi aiki. A takarda saurayi ne da sauran ƙarfinsa. A zahiri kuwa jikokinsa sun fara noma.

Idonsa ne ya fara ba shi kunya. Wata farar yana ta riƙa rufe idanun a hankali, shi kuwa yana musu. Sai ya riƙa cewa gilashin motar ne ba a goge ba, ko rana ce ta sauya hali tun da aka samu 'yanci. Ranar da abin ya fito fili, da hantsi ne tsaka, hanya fetal, wajen garin Bana, ya sauka daga titi da mota cike da gishiri ya shiga gonar shinkafar mutane, ya tsaya a tsakiyar ruwa cikin natsuwa kamar nan ne tasha. Ba wanda ya ji ciwo. Gishiri dai ya koma inda ya fito, mai gona kuma ya samu abin ba jikoki labari. Baba ya ce wata saniya ya kauce wa. Duk wanda ke wurin ya rantse ko akuya babu.

Na ɗauka a nan za a yi ta ta ƙare: Alhaji ya sallame shi saboda lafiya, in fitar da lissafi, mutum ya koma Yelu da abin da zai sayi shanun noma ya rufa wa kansa asiri. Ko da albashin nan da aka daskarar, shekarunsa sun yi yawan da kuɗin za su yi masa wannan. Ashe ban san garin da nake zaune ba.

Alhaji bai ce masa uffan ba a kan gishiri. Ya ma aika masa da goro na jaje. Washegari dai makullin motar yana hannun wani, jibi ma haka. Baba ya zo da asuba kamar kullum, ya wanke ƙafa, ya zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro na ƙofar gareji. Alhaji in ya iso sai ya fara zuwa wurinsa, ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya wuce. Albashi yana fita duk wata, ɗan abin nan da bai motsa ba shekara da shekaru. Amma kowa ya san direba ba da albashi yake rayuwa ba. Kuɗin hanya ne, da ɗan fasinjan da ake ɗauka a saman kaya, da buhun albasa da ake saya nan a sayar can. Duk wannan ya tsaya. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna yana kallon waɗanda ya koya wa riƙe sitiyari suna fita suna ɗaga masa hannu, wanda ma ba ya gani sosai.

A ƙasarmu babban mutum ba ya korar bara. Yana daina aikensa ne, ya ƙara masa gaisuwa, ya jira kunya ta yi sauran aikin. Baran kirki kuma ba ya jira a nuna masa ƙofa, shi ke zuwa ya nemi sallama da bakinsa, a rabu ana yabon juna. Al'ada ce mai kyau, ta rufa asirin mutane da yawa. Sai dai wanda ya rubuta yarjejeniyar can bai san da ita ba, kuma Alhaji ya san da su duka biyun.

Na fara da Alhaji. Na kai masa takardar sallama a buge, na ce hannu kawai zai sa. Ya ture ta da bayan yatsa kamar na miƙa masa abin da ya mutu.

"In kori Baba? Mutumin da ya girme ni? Mi mutanen Gaya za su ce da ni? Ko shekara ɗari shika yi bisa bencin nan, abincinai na wuyana. Ni ban kora."

Har idonsa ya kawo ruwa. Na sha ganin mutane suna kuka don asara, amma ranar na fara ganin mai kuka don riba, kuma na rantse da gaske yake yi, domin Alhaji irin mutanen nan ne da Allah ya hore wa zuciyar da kullum take karkata inda aljihu yake so.

Na koma wurin Baba, na zauna kusa da shi a benci, na ce abu biyu ne. Ko dai ya bi ni wurin likita a rubuta cewa ido ya hana shi aiki, in sami abin da zan matsa wa Alhaji da shi, in ya ƙi in kai maganar wurin sufeton aiki. Ko kuma ya yi zamansa a bencin nan ya ƙi motsi, shekarunsa suna ƙaruwa, har Alhaji ya gaji ko Allah ya yi ikonsa, iyalinsa su karɓa. Abu ɗaya ne kada ya kuskura ya yi, shi ne ya nemi tafiya da bakinsa.

Ya ce idonsa garau yake, yana ma ganin tawadar da ke aljihun rigata. Aljihun ba tawada a ranar. Ya ce kai ƙarar Alhaji wurin hukuma kuwa, sai dai bayan ransa. Da na ambaci kalmar da za a rubuta a takardar, sai ya juyo gaba ɗaya.

"Mushe, ɗiyana mata suna gidajen mutane a Yelu da Junju. So kake surukaina su ji an ce an kore ni? Shekarun ga duka, in ƙare da kora don kuɗɗi?"

Na ce Baba, kalma ce a takarda da Faransanci, ba mai karanta ta a Yelu. Ya ce shi zai sani. Na yi fushi na ce masa girman kai ba ya sayen hatsi, na faɗi wasu maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba. Ya bar ni na gama, ya ce yaran lakwal duk haka muke, an koya mana lissafi an manta a koya mana mutane. Na tashi ina huci, kuma har yau ban yarda shi ke da gaskiya ba.

Ya yi damina ɗaya a bencin. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zauren Alhaji ya fi cika, ya shigo da ƙwaryar goro, ya durƙusa, ya ce ya zo neman sallama, gona tana kiransa. Alhaji ya ce atafau, ina za shi ya bar su marayu. Baba ya sake roƙo, Alhaji ya sake ƙi, har da dafa ƙirji. A na uku ya sunkuyar da kai ya ce tunda Baba ya nace, ba zai tsare dattijo ba. Kowa a zauren ya san sau uku ake yi, kowa kuma ya yi mamaki yadda ya kamata.

Aka shigo da babbar riga ta shadda da hula da buhun shinkafa biyu da rediyo mai batir. Ba a aika kasuwa ba, a shirye suke a ɗaki. Ƙanen Alhaji kuma ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ya buga, ya ce ta cika ƙa'idar Nasara ce kawai, cewa Baba ne ya ajiye aiki don kansa. Ita ma a shirye take. Na miƙe a gaban mutane na ce Baba kada ka sa hannu, in ka sa ajiyarka ta tafi. Alhaji ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. Baba ya ce in zauna, tsakaninsa da Alhaji ba takarda. Ya lalubi tawada ya dangwala, sai da aka kama masa yatsan aka kai shi inda layin yake.

A ƙarshen shekarar na yi abin da aikina ya ce in yi. Bashin da ba za a biya ba, ba a barinsa a ɓangaren bashi. Duk abin da aka tara da sunan Baba, tun na Bature da aka rage wa Alhaji a farashi har wanda na yi ta ƙarawa, na sauke shi ya koma riba. Ba ƙarya a ciki, ko sufeto ya zo ba zai sami abin kamawa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Bilan ɗin shekarar ya yi ƙiba. Yatsan Alhaji ya sami wurin nan take. Da na gaya masa daga inda ta fito, sai ya yi murmushi ya ce ashe abin nan nawa ba bidi'a ba ne, asusu ne, kuma in ci gaba da kula da shi da kyau. Ya tambaye ni wa ke bi wa Baba a yawan shekaru. Na ce mai gadin sito. Tun daga makon nan mai gadi ya fara samun gaisuwa da hannu biyu.

Baba ya koma Yelu ya zauna a ƙofar gida da rigarsa da rediyonsa. Shanun noma dai babu. 'Ya'yansa ke noma da hannu, shi yana ba da umarni ga gonar da ba ya gani. Direbobinmu da ke bi ta can suna kawo mini labarinsa, cewa duk wanda ya zauna da shi sai ya ji zancen ajiyarsa da ke wurin Alhaji a Gaya, wadda aka yi shekaru ana tara masa, a rubuce, har banki ya san da ita. In an ce me ya hana ya karɓo, sai ya ce ai ba a tambayar mutum irin Alhaji, ranar da buƙata ta kai shi da kansa zai aiko. Na je gaishe shi sau biyu, kuma duk zuwan sai da na gaya masa a fili cewa babu sauran komai, da hannuna na share. Ya yi dariya ya ce takarda na share, Alhaji bai share ba. Ya sa aka kama mini zabo.

Bai kai shekara uku ba ya rasu. Da safe labari ya iso, kuma in faɗi gaskiya Alhaji bai yi nawa ba. Ya aika kanti aka yanko farin yadi mafi tsada da ke Gaya, ya fitar da mota guda daga layin lodi, muka cika ta muka tafi. Mutanen Yelu suka yi ta taɓa yadin suna cewa ba a taɓa rufe wani da irinsa a garin ba. Alhaji ya yi kuka a bakin kabari, aka riƙe shi.

Bayan an dawo daga maƙabarta babban ɗan Baba ya ja ni gefe, bayan rumbu. Magidanci ne mai 'ya'ya, hannunsa duk kanta. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce tsoho ya bar wasiyya cewa in an zo rabon gado a neme ni, ni na san yawan ajiyar. Ya ce ba gaggawa suke ba, sai dai hatsin bana ba zai kai su damina ba. Na gaya masa abin da na gaya wa ubansa. Shi bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi zauren da Alhaji ke zaune ana yi masa sannu da ƙoƙari, ya tambaye ni ko akwai wanda za a gani. Na ce da akwai, kafin a sa hannu. Ya ce to, Allah ya saka da alheri da muka zo, ya koma ya ci gaba da zuba wa baƙi ruwa. Ban taɓa jin ƙyamar alƙalamina kamar ranar ba.

Da wata ya ƙare ina haɗa takardun kuɗin da aka kashe, sai ga Alhaji da kansa a biro, wato ofishina, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ajiye mini rasiɗin kanti a kan tebur, na yadin likkafani, da na man motar da ta kai mu Yelu. Ya ce in cire su daga cikin kuɗin sallamar nan na Baba.

Na ce Alhaji, ai babu su. Sun koma riba tun shekarar da ya tafi, an raba, kai da ƙanenka.

Ya ɗan yi tunani, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"To, sa su cikin na mai gadi," in ji shi. "Shi ma ba shi tambaya."